Kan Saƙon Ɗaukar Ma'aikata: Layi Ɗaya da Ke Sa a Buɗe ko a Share

Kamfanin da ke neman ma'aikaci zai iya ɓata yini guda yana tsara saƙon imel, ya zayyana albashi da alawus da sharuɗɗa, amma wanda aka aika wa bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya fara gani a wayarsa abu uku ne kawai: sunan mai aikowa, kan saƙon da ake rubutawa a gurbin da aka sa wa suna Subject, sai ɗan guntun layin farko. Da waɗannan yake yanke shawarar buɗewa ko sharewa.

Matsala ta farko ita ce ƙarancin wuri. Allon waya kan nuna haruffa talatin zuwa arba'in ne na kan saƙo, sauran ya yanke. Mu ɗauka wani kamfani a Kano yana neman akanta, sai ya rubuta: "Sanarwa ta musamman daga sashen kula da ma'aikata game da gurbin aikin akanta". Kafin a kai ga kalmar "akanta", allo ya riga ya datse jimlar, mai karatu bai san me ake nema ba. Da an rubuta "Aikin akanta a Kano, albashi N250,000", da komai ya fito a kallo ɗaya: wane aiki, a ina, nawa ake biya. Ko da Turanci aka rubuta saƙon, ƙa'idar ba ta canzawa. A fara da sunan aikin, a bi shi da gari.

Matsala ta biyu ita ce yarda. Masu neman aiki sun sha wuya a hannun 'yan damfara da ke tallar guraben bogi suna karɓar kuɗin fom, don haka duk kan saƙon da ya cika zuzutawa, kamar "BABBAR DAMA!!! Maza ka nema", zargi yake jawowa. Manyan baƙaƙe da tarin alamun motsin rai su ne shigar da 'yan damfara suka saba yi, kuma suna cikin alamun da matatar imel kan duba kafin ta jefa saƙo cikin akwatin Spam. Wasu kuma kan liƙa "Re:" a gaba, don a zaci amsar wata tsohuwar magana ce. Dabarar takan sa a buɗe, amma da zarar mutum ya gane an yaudare shi, ya daina sauraron kamfanin ke nan. A Amurka ma, dokar CAN-SPAM ta 2003 ta haramta kan saƙo mai yaudara a imel ɗin kasuwanci.

To, ta yaya kamfani ke sanin an buɗe saƙonsa? Manhajojin aika saƙo kan ɓoye wani ɗan mitsitsin hoto a ciki, wanda ido ba ya gani. Idan wayar mai karɓa ta sauke hoton, sai a ƙirga an buɗe. Wannan ƙidaya tana da rauni ta fuska biyu. Wanda ya hana wayarsa sauke hotuna don tattalin data zai karanta saƙon tsaf, amma ba za a ƙirga shi ba. Sannan tun 2021, kamfanin Apple ya fito da tsarin da ke sauke hotunan da kansa ga masu amfani da manhajarsa ta imel da suka kunna shi, sai a ga kamar an buɗe alhali ba a taɓa ba.

Saboda haka gwaji ya fi hasashe. Kamfanin nan na Kano, in yana da sunayen mutum 200, sai ya raba su gida biyu ba tare da zaɓe ba, ya aika musu saƙo iri ɗaya a lokaci ɗaya, kan saƙon kaɗai ya bambanta. Idan ya canza kan saƙon kuma ya canza lokacin aikawa, ba zai san wanne ya yi tasiri ba. A ce mutum 30 sun buɗe na farko, 33 sun buɗe na biyu, wannan tazara ba ta isa hujja ba, domin tana iya zama dace kawai. Abin da ya fi cancanta a ƙirga shi ne mutum nawa suka amsa ko suka turo takardunsu.

Kan saƙo mai jan hankali na iya tara masu buɗewa da yawa ya ƙare ba mai nema, yayin da wanda ya faɗi aiki da gari da albashi zai kori waɗanda gurbin bai dace da su ba tun daga ƙofa. Wannan ba asara ba ce. Mai ɗaukar ma'aikata, kafin ka aika, tura wa kanka saƙon ka duba shi a waya. In ba ka ga sunan aikin ba sai ka buɗe, koma ka sake rubuta kan.