Takardar da ta ƙi buɗuwa a hannun mai ɗaukar aiki

Ma'aikacin da ke tantance masu neman aiki yakan sauke takardun da suka shigo ta imel ya tara su wuri guda a kwamfuta. Daga nan kowace takarda ta rabu da saƙon da ya kawo ta, sai sunan fayil kaɗai ya rage. To, wa zai gane mai `IMG_4471.jpg`, ko `CV.pdf` da mutum goma suka turo? Tsari irin `Suna_SunanMahaifi_CV.pdf` ya wadatar, sai dai in sanarwar ta faɗi nata tsarin, a bi shi sak. A bar alamomi irin `/` da `:` da `?`, domin Windows ba ta karɓar su a sunan fayil.

Haruffan da ke bayan ɗigo su ne ke nuna nau'in fayil, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. A ɗauka wata matashiya ce ta ɗauki hoton takardar shaidarta ta NYSC da iPhone. Tun daga iOS 11, a 2017, waɗannan wayoyi suke ajiye hoto a matsayin HEIC. A wayarta hoton fes yake, amma wata kwamfutar ofis ba za ta buɗe shi ba sai an ƙara mata manhaja, ma'aikacin kuwa ba shi da wannan lokacin. Wasu sukan goge `.heic` su rubuta `.jpg`, suna ganin sun yi dabara. Wannan sauya wa tuwo suna ne kawai, abin da ke ciki bai canja ba. Dole ne a juya hoton da gaske zuwa JPG, ko mafi kyau zuwa PDF, wanda tsarin shafinsa ba ya wargajewa daga na'ura zuwa na'ura kamar yadda na Word kan yi.

Sai batun nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura 25 MB, sai ya mayar da shi linkin Google Drive. Sabon fayil a Drive kuma yana zuwa ne a kan `Restricted`, wato sai mai shi da waɗanda ya ba izini. Ita matashiyar in ta danna linkin zai buɗe nan take, tunda tana cikin asusunta, sai ta saki jiki. Shi kuwa ma'aikacin shafin neman izini zai tarar, kuma da wuya ya tsaya roƙo.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ta shiga `Share`, ta zaɓi `Anyone with the link`, ta bar shi a kan `Viewer` don kada wani ya taɓa mata rubutu. Sannan ta liƙa linkin a shafin `Incognito` na Chrome, inda Google bai san ta ba. In ya buɗe a can, zai buɗe a ofis. Daga ƙarshe ta fara tura saƙon gaba ɗaya ga ƙaninta, ya buɗe kowane fayil a tasa wayar, ya duba ko hatimi da lambar takardar suna karantuwa.