Takarda ɗaya, masu ba da tallafi da yawa: sabon salon lissafi a ƙungiyoyin Damagaram

Ƙungiyar da ke haƙa rijiyoyi a Damagaram Takaya, tana kuma taimakon masu noman rani a Gidimuni, da wuya a ce hannu ɗaya ke ba ta kuɗi. A da, kowane mai tallafi da nasa fayil. Yanzu ma'aji da dama sun koma zuba komai a takardar Excel guda, kowane kashe kuɗi da layinsa, sannan su ciro taƙaitattun jadawali: na mai tallafi, na aiki, da na nau'in kashewa.

Matsin aljihu ne ya fara kawo wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu ƙasashe sun dakatar da taimako, a 2025 kuma aka rushe USAID. Sai ya zama albashin direba guda ko hayar ofishi a Zinder ana haɗa su daga wuri biyu ko uku, fayiloli a warwatse kuwa ba sa nuna wanda ya biya wane kaso. Ga kuma tsarin lissafin OHADA na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, SYCEBNL, wanda aka amince da shi a Yamai a Disamban 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, ya ƙara tsananta yadda ake bin sawun kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai.

Ginin ba shi da wuya. Shafi bakwai sun isa: kwanan wata, lambar rasit, mai tallafi, aiki, nau'in kashewa, bayani, da adadi. A ce direba na karɓar sefa 150,000 a wata, an kuma yarda mai tallafi na farko ya ɗauki kashi 60 cikin ɗari. Layi biyu za a rubuta da lambar rasit ɗaya, 90,000 da 60,000. Kuɗin man da aikin rijiyoyi ya ci a asusun na farkon kuwa, ga yadda ake ciro shi a Excel na Faransanci:

```
=SOMME.SI.ENS(G:G;C:C;"D1";D:D;"PUITS";E:E;"CARBURANT")
```

Ribar a fili take. Shugaban ƙungiya zai ga abin da ya rage a kowane layin kasafi tun wata bai yi nisa ba, kuma rasit ɗaya ba zai shiga rahoton mutum biyu ba tare da an lura ba.

Amma jadawalin yana iya yin kuskure ba tare da ya nuna wata alama ba, kuma wannan ne ya fi damuna. A ce kasafin mai 1,200,000 ne, jadawali ya nuna an kashe 850,000. Shugaba zai ɗauka saura 350,000, ya sa hannu a kan wata tafiya zuwa Mowa. Ashe akwai rasit na 275,000 da aka buga wa `CARBURANT` da ɗan gurbi a ƙarshe, lissafin ya tsallake shi. Ainihin abin da aka kashe 1,125,000 ne, saura 75,000 kacal. Haka ma adadin da aka kwafo daga wata takarda ya shigo a matsayin rubutu: ido na ganin lamba, jimla ba ta ƙirga ta. Alamarsa ita ce ya jingina hagu a cikin ɗakinsa, alhali sauran lambobi suna dama. Masu amfani da `Tableau croisé dynamique` su ma da nasu tarkon, domin a yadda ya zo ba ya ɗaukar sabon rasit sai an danna `Actualiser`.

Maganin biyu ne. A kulle shafukan mai tallafi, aiki da nau'i da `Validation des données`, ta yadda sai dai a zaɓa daga jeri. Sannan a ware ɗaki guda a saman rahoto da ke debe jimlar jadawali daga jimlar shafin adadi. In bai ba da sifili ba, kada rahoton ya fita. A misalinmu 275,000 zai nuna, a bi shi a gano.

Akwai abin da wannan ɗakin ba zai kama ba. Canza `D1` zuwa `D2` a layi ɗaya ya isa a ɗora wa wani mai tallafi kuɗin da bai amince da shi ba, jimla kuma ta fito daidai. Sauƙin da ya sa tsarin ya karɓu, shi ya buɗe wannan ƙofa, musamman idan wani kasafi ya kusa ƙarewa wani kuma da saura. Don haka a rubuta ƙa'idar rabon kuɗin tarayya tun farkon shekara, a sa mata hannu, kuma kowane wata a adana kwafin da aka rufe bayan an gwada shi da takardar banki. Ƙungiyar da ba za ta iya waɗannan biyun ba, jadawalinta bai isa a yanke shawarar kashe kuɗi da shi ba.