Yadda Cajin Banki Da Na Masu POS Ke Cinye Ribar Ƴan Hatsi A Maiha

MAIHA, Jihar Adamawa — Tun bayan ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare a kasuwannin ƙaramar hukumar Maiha, wadda ke maƙwabtaka da Mubi a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Sai dai cinikin hatsi a wannan yanki yana tafiya ne da fuska biyu. Manomin da ya kawo masara ko gyaɗa daga ƙauye yakan fi son a ƙirga masa kuɗinsa a hannu, shi kuwa babban mai saye a Mubi ta waya yake biya. Ɗan kasuwar da ke tsakiya shi ne ke ɗaukar nauyin juya kuɗin asusu su koma tsaba, kuma a nan ne riba ke yoyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna caji da jimillar ciniki. Naira dubu tara ba ta tayar wa mai juya dubu ɗari huɗu hankali. Amma ba daga uwar kuɗi ake biyan caji ba, daga riba ake biyansa, don haka da riba ya kamata a auna shi.

Cajin nan iri biyu ne. Na farko tsayayye ne, ana cirarsa a kan kowace turawa. Jadawalin da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da shi a watan Janairu na 2020 ya ƙayyade N10 a kan turawar da ba ta wuce N5,000 ba, da N25 daga nan zuwa N50,000, da N50 a kan abin da ya haura haka. Da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa, sai su zama N10.75 da N26.88 da N53.75. Akwai kuma harajin gwamnati na N50 a kan duk turawar da ta kai N10,000. A watan Disamba na 2024 aka faɗaɗa shi zuwa asusun kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, sannan daga ranar 1 ga Janairu, 2026, nauyinsa ya tashi daga kan mai karɓa ya koma kan mai turawa.

Na biyu yana girma ne tare da kuɗin da aka juya. A cikinsa akwai kuɗin kula da asusun shige-da-fice, wanda jadawalin 2020 ya tsayar a kan N1 cikin kowace N1,000 da mai asusu ya fitar. Mafi nauyi kuwa shi ne ladar mai POS, wadda ba ta da tsayayyen farashi a kasuwa, domin takan hau a duk lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya sayi buhun masara goma a Maiha a kan N40,000 kowanne, jimilla N400,000. Kuɗin mota da dako da na kasuwa sun ci N30,000. Ya sayar a Mubi a kan N45,000 kowane buhu, wato N450,000. A lissafinsa na baka, ya ci ribar N20,000.

To amma kafin ya biya manoma sai da ya ciri tsabar N400,000 a wurin mai POS. Idan ladar ta kasance N200 a kan kowace N10,000, to N8,000 ta tafi ke nan. Da yake a watan Disamba na 2024 Babban Banki ya taƙaita abin da mutum zai cira ta hannun wakili zuwa N100,000 a rana, sai ya tura kuɗin sau huɗu, kowace turawa ta ci N103.75 a bisa waɗancan ƙididdiga, jimilla N415. Biyan direba ta waya ya ci kimanin N77, kula da asusu kimanin N470, saƙonnin sanarwa na banki kuma ƴan gommai. Ƙananan cajin sun tasar wa N1,000, babban kuma N8,000.

Wannan N9,000 kashi biyu ce kacal cikin ɗari na cinikin, amma kashi 45 ce cikin ɗari na ribar. Abin da ya rage masa a zahiri N11,000 ne.

Maganin yana farawa ne da raba cajin a kan kaya kafin a yanke farashi. N9,000 a kan buhu goma ta zama N900 a kowane buhu. Ke nan buhun bai tsaya masa a kan N43,000 ba, ya tsaya ne a kan N43,900. Idan yana son ribar N2,000 da ya yi niyya, farashin da zai nema shi ne N45,900. Gara ya faɗi wannan farashi tun wajen tayi, da a gama sallamawa sannan ya ce a ƙara masa kuɗin caji, domin irin wannan ƙari na bayan fage shi ke haddasa gardama, ya kuma kori abokin ciniki.

Amma fa ɗan hatsi ba shi kaɗai ke yanke farashi ba. Idan kasuwar Mubi ta tsaya a kan N45,000, wanda ya kafe a kan N45,900 zai kwana da kayansa. A nan sai lissafin ya koma wajen saye: kada ya wuce N39,100 a kan buhu. Ko kuma ya yi wa manomi tayi biyu a fili, N39,200 a hannu ko N39,900 ta waya. Biyan manomi ɗaya kuɗin buhu ɗaya ta waya bai wuce kimanin N77 ba, alhali nemo tsabar wannan kuɗin yana cin kusan N800. Wannan hanya tana da iyaka, domin ba kowane manomi ke da asusu ba, kuma a ƙauyukan da layin waya ke da rauni, ba wanda zai saki buhunsa kafin ya ga sanarwar shigar kuɗi.

Shi kuwa tsayayyen caji, haɗe biya shi ke rage shi. Mai shago a Maiha da ke biyan ɗan sari a Mubi N10,000 sau biyar zai yi asarar kimanin N384, alhali da ya tara ya tura N50,000 lokaci guda, N77 kawai zai biya. Haka nan mai shagon da ke karɓar tsabar kuɗi da yawa zai iya yin musaya da ɗan hatsin da ya amince da shi: wannan ya ba da tsaba, wancan ya tura masa a asusu, kowa ya huta da lada.

Sauyin da aka yi a watan Janairu na 2026 ma yana buƙatar gyaran lissafi. Mai sayar da kaya ɗai-ɗai ya huta da N50 da ake zare masa a kan kuɗin da suka shigo, amma mai saye daga hannun mutane da yawa yanzu shi ke biyanta a kan kowane ɗayansu. Wanda ya sayi kaya daga manoma 40 a mako ta waya, kowanne a kan N10,000 ko fiye, zai biya N2,000 a wannan haraji kaɗai.

Hanyar gane yoyon ba ta da wuya. A ƙarshen wata ɗan kasuwa ya karɓi takardar bayanin asusunsa, ya tara duk abin da aka zare wanda ba kuɗin kaya ba ne, ya haɗa da ladar masu POS, wadda sau da yawa takan ɓace a cikin kuɗin da aka tura, sai fa idan an rubuta ta a littafi a ranar. Sai ya raba jimillar da yawan buhunan da ya sayar. Abin da ya fito shi ne zai ɗora a kan kowane buhu a wata mai zuwa. Da yake bankuna da kamfanoni kan sauya cajinsu, ladar tsaba kuma takan hau a lokacin kaka da gabanin salla, wannan lissafi na kowane wata ne, ba na shekara ba.