Naira Ashirin da Biyu Tsakanin Riba da Asara

Duk takardar neman jari da aka kai wa banki ko wani attajiri, za ka tarar an rubuta adadin kayan da za a sayar da farashinsu kamar an riga an ga gobe, alhali waɗannan lambobi biyu hasashe ne. Saboda haka masana harkar kuɗi ba sa tsayawa a kan ribar da takarda ta nuna. Tambayarsu ita ce, ciniki ko farashi zai faɗi zuwa ina kafin aikin ya daina biyan kuɗin da aka zuba masa?

Ma'aunin da suke amfani da shi shi ne NPV, kuma tushensa abu ne da kowane ɗan kasuwa ya sani: naira ɗarin yau ta fi naira ɗarin baɗi, domin ta yau ana iya juya ta. Ana ɗaukar kuɗin da aikin zai kawo kowace shekara, a rage musu daraja gwargwadon nisansu da yau, a tara su, sannan a cire jarin farko. Idan wani abu ya saura, aikin ya biya. Idan lissafi ya koma ƙasa da sifili, gara a kai kuɗin wani wuri.

Mu ɗauki misalin masana'antar ruwan leda, da lambobin da muka ƙaddara don bayani. Alhaji zai kashe naira miliyan 30 wajen rijiyar burtsatse, injin, janareta da motar rabo, kuma yana sa ran injin zai yi shekara biyar. Zai sayar da jaka 500 a rana, mai ƙulli ashirin kowace, kwana 300 a shekara, wato jaka 150,000. Farashin jaka naira 400, leda da dizal da ladan masu rabo suna cin 250, saura 150. Albashi, haya, gyara da sabunta takardun NAFDAC kuwa miliyan 8 ne a shekara, ko an sayar ko ba a sayar ba. Abin da zai rage masa a hannu duk shekara miliyan 14.5 ne. Mun ajiye haraji da kuɗin sayar da tsohon injin a gefe don kada lissafi ya cunkushe.

Alhaji yana son jarinsa ya riƙa kawo kashi 25 cikin ɗari a shekara. Wannan ba zari ba ne a ƙasar da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024. A wannan ma'auni, naira ɗaya da za ta riƙa shigowa duk shekara har shekara biyar, darajarta a yau naira 2.69 ce, ba biyar ba. Don haka miliyan 14.5 na shekara biyar daidai suke da kusan miliyan 39 a yau. A cire jarin miliyan 30, NPV ya zama miliyan 9. A takarda dai aiki ya yi kyau.

Gwajin farko shi ne a taɓa lamba ɗaya, a bar sauran yadda suke. Idan ciniki ya ragu da kashi 10, ya koma jaka 135,000, NPV zai sauko zuwa kusan miliyan 3. Ya ji jiki, amma yana tsaye. Idan kuwa farashi ne ya faɗi da kashi 10, jaka ta koma 360, NPV zai rufta zuwa asarar sama da miliyan 7.

Dalilin wannan bambanci yana cikin naira 250 ɗin nan. Jakar da ba a yi ba, ba ta ci leda ba, ba ta sha dizal ba, saboda haka raguwar ciniki tana tafiya da wani ɓangare na kashe kuɗi. Faɗuwar farashi ba ta rage komai a ɗawainiya. Naira 40 da aka sauke, daga cikin 150 ta riba take fita gaba ɗaya, wato sama da rubu'inta. Duk sana'ar da ribar kowane kaya take da siriri idan aka kwatanta da farashinsa, haka take da rauni ta wannan gefe.

Daga nan sai a nemo iyakar da NPV zai zama sifili. Domin jarin miliyan 30 ya dawo da ladansa, dole a samu kusan miliyan 11.2 a hannu duk shekara, a haɗa da miliyan 8 na albashi da haya, ya zama wajen miliyan 19.2 da cinikin ruwa zai samar. In farashi bai motsa ba, ana buƙatar jaka kusan 127,700 a shekara, kimanin 426 a rana. Wato ciniki yana da sararin faɗuwa da kashi 15. In ciniki ne bai motsa ba, farashi ba zai iya sauka ƙasa da naira 378 ba. Naira 22 kacal ke nan, abin da bai kai kashi 6 ba, a sana'ar da sau da yawa ƙungiyar masu ruwa da maƙwabcin da ya buɗe sabuwar masana'anta ne suke yanke farashi.

Akwai tarkon da ya kamata a kula da shi a nan. Akawu zai raba kuɗin injin gida biyar, ya cire miliyan 6 duk shekara, ya ce da an wuce jaka 93,333 an shiga riba. Lissafinsa daidai ne, sai dai bai saka ladan jiran kuɗi ba. Mai sayar da jaka 110,000 zai ga ribar miliyan 2.5 a littafi kowace shekara, yana murna, alhali NPV ɗinsa asarar miliyan 7 ce. Tsakanin iyakar akawu da iyakar NPV akwai jaka sama da 34,000, kuma masana'anta tana iya shekara biyar a cikin wannan rata tana aiki ba tare da ta biya mai ita ba.

Taɓa lamba ɗaya kaɗai ma yana da nasa aibin, domin a kasuwa ciniki da farashi ba sa tafiya daban. Idan hunturu ya shigo mutane suka rage shan ruwa, a lokacin ne masu ruwa suke karya farashi don su sayar. A misalinmu, faɗuwar ciniki da kashi 5 ita kaɗai tana barin NPV a miliyan 6, ta farashi ita kaɗai tana barinsa a ƙasa da miliyan ɗaya kaɗan. Su haɗu, sai asarar miliyan 1.7. Wanda kuma ya ce zai sauke jaka zuwa 360 don ya jawo masu saye, sai ya sayar da kusan jaka 204,500 kafin ya koma inda yake, ƙarin kashi 36. Ya fara tambayar ko injinsa da motarsa za su iya.

Mai kwamfuta zai yi duk wannan a Excel. `Goal Seek` yana nemo iyakar, `Data Table` kuma yana jera farashi ta sama, ciniki ta gefe, ya nuna inda asara ta fara. A lura dai cewa `NPV` na Excel yana ɗaukar lambar farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, don haka jarin farko a waje ake cire shi:

```
=NPV(25%,B2:B6)-30000000
```

Abin da teburin ba zai faɗa ba shi ne ko faɗuwar za ta faru. Wannan sai an shiga unguwa an ƙirga masana'antun da ke rabo a layi ɗaya, an tambayi masu shaguna nawa suka sayi jaka a watan Janairu da na Afrilu. Ga Alhajinmu, binciken farashi ne ya cancanci yawancin wannan zirga-zirga, tun kafin a fara haƙa rijiya.