Yadda ake kwafe zanen zuciya daga hoton waya

Ɗalibi kan ɗauki hoton shafin littafin kimiyya da waya don ya kwafe daga baya. A ce zanen zuciyar ɗan Adam ne. Sai ya fara da bayanin da ke ƙarƙashin zanen, da lambarsa, domin shi ke faɗin abin da ake kallo.

Daga nan ya ɗauki sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowane layi da yatsa har inda ya tsaya. A nan ake yawan kuskure, musamman idan shafin ya lanƙwashe ko haske ya haske takardar. Harafin da bai fito ba, a bar gurbinsa, kada a yi cinke.

A kula sosai: ɓangaren dama na zuciya yana hagun takarda, don an zana ta kamar mutumin yana fuskantarka.

Kibiyoyi ne ke nuna alaƙa. A rubuta ta cikin jimla: jini daga jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa, ya tafi huhu, ya dawo ɓangaren hagu, wanda ke tura shi jiki duka.