Giɓin da ke buɗewa a farashin hannun jari da safe: daga ina yake, kuma yana cikewa?

Ranar Laraba, 2 ga Fabrairun 2022, an tashi kasuwar hannayen jari a New York ana sayar da hannun jarin kamfanin Meta, mai Facebook, kan dala 323. Da aka buɗe washegari, cinikin farko ya faɗa ne a wajen dala 245. Wanda ya duba jadawalin farashin a wayarsa zai ga kyandir ɗin Laraba can sama, na Alhamis can ƙasa, tsakaninsu kuma fili fayau na kusan dala 78. Wannan fili shi ne giɓi, wato tazarar da farashi ya tsallake tsakanin tashin kasuwa jiya da buɗewarta yau.

Dalilinsa bai da wuyar fahimta. Kasuwar New York tana ci ne daga 9:30 na safe zuwa 4 na yamma a agogonsu, amma labari ba ya jiran a buɗe kasuwa. Kamfanoni da yawa ma da gangan suke fitar da rahoton ribarsu bayan an tashi, domin mutane su sami damar karantawa a natse. Haka Meta ta yi. A wannan yammacin ta sanar cewa a karon farko a tarihinta adadin masu shiga Facebook kullum ya ɗan ragu, kuma sauyin da Apple ya yi kan bibiyar masu amfani da waya zai ci mata kusan dala biliyan 10 a shekarar. Kafin gari ya waye, masu son sayarwa sun yi dafifi, masu saye kuma sun janye tayinsu zuwa ƙasa sosai.

Da safe kasuwa ba ta ɗorawa daga inda ta tsaya. Ana tattara duk odar saye da ta sayarwa da suka taru, a nemo farashi guda wanda mafi yawan hannayen jari za su iya sauya hannu a kansa, shi ne farashin buɗewa. Idan babu mai saye a 320, babu a 300, babu a 270, sai farashi ya sauka inda aka haɗu. Akwai ɗan ciniki da ake yi bayan tashi da kuma kafin buɗewa, inda farashin ya riga ya zame, amma masu yinsa kaɗan ne, kuma jadawalin da aka saba dubawa ba ya nuna shi.

A bakin masu wannan harka akwai maganar da ake yawan maimaitawa, wai kowane giɓi sai ya cike, ma'ana farashi zai dawo ya taɓa inda ya baro. Na ɗauki wannan magana a matsayin mai haɗari, domin tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta faɗin yaushe. Giɓin Meta ya cike, ba musu. Sai dai ya cike ne a watan Yulin 2023, bayan kusan shekara ɗaya da rabi. A tsakani, farashin ya ci gaba da gangarowa har ya kai wajen dala 89 a Nuwamban 2022. Wanda ya saya a 245 da tunanin cewa dole a koma 323, ya wayi gari kusan kashi biyu cikin uku na kuɗinsa sun narke. Mai haƙuri da kuɗin kansa ya tsira daga baya. Wanda ya ci bashin dillali ya saya kuwa, da wuya a bar shi ya kai ranar, domin dillali yakan sayar da kayan mutum idan asara ta cinye jinginarsa. Kuma abin da ya maido da farashin shi ne kamfanin ya rage ma'aikata da kashe kuɗi, kuɗin talla ya farfaɗo. Filin da ke kan jadawali bai jawo komai ba.

Wani giɓin kuma ya tafi ke nan. Ranar 24 ga Mayun 2023 kamfanin Nvidia ya ce yana sa ran cinikin dala biliyan 11 a watanni uku masu zuwa, alhali masu hasashe suna jiran biliyan 7 da ɗoriya. An tashi a wajen dala 305, aka buɗe a wajen 385. Bayan da aka raba kowane hannun jari gida goma a 2024, giɓin ya koma tsakanin dala 30 da 38 a sabon lissafi. Ko a girgizar kasuwa ta Afrilun 2025 farashin bai sauko ƙasa da dala 85 ba. Wanda ya ce zai jira a cike giɓin kafin ya saya, jirgi ya bar shi a tasha.

To daga ina maganar cikewa ta samo ƙarfinta? Daga ƙananan giɓi ne, waɗanda su ne mafi yawa. A ce hannun jari na dala 100 yakan yi lilo na dala 2 sama ko ƙasa a rana ta yau da kullum. Idan ya buɗe a 100.50 ba tare da wani labari ba, komawarsa 100 kafin yamma ba abin mamaki ba ne, domin tazarar tana cikin zangon da yake kaiwa da komowa dama. Irin wannan yakan cike a ranar ko cikin kwanaki kaɗan. Mutum yana ganin haka sau da yawa, sai ya ɗauka doka ce, ya ɗora ta a kan babban giɓin da ba danginsu ɗaya ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce me ya faru cikin dare. Idan labarin ya sauya abin da kamfani zai samu nan gaba, tsohon farashi ya zama na wani zamani. Bayan wannan sai a auna girman giɓin da lilon da hannun jarin ya saba yi a rana, a kuma dubi yawan cinikin. Babban giɓi da ciniki ya ninka na kullum sau da yawa alama ce manyan masu kuɗi sun sauya ra'ayi, kuma su ba sa gama saye ko sayarwa a rana ɗaya. Akwai ma giɓin da lissafi ne kawai: ranar da aka daina bai wa sabon mai saye haƙƙin rabon riba, farashi yakan buɗe ƙasa da kimanin kuɗin da za a raba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu dogaro da odar da manhajojin dillalai ke kira stop-loss, wadda ke sayar wa mutum kayansa idan farashi ya faɗo zuwa wani mataki. Da wani ya sa tasa a dala 300 a kan Meta, yana ganin asararsa ba za ta wuce dala 23 ba, da an sayar masa a wajen 245, domin babu mai saye a 300 da safiyar nan. Masu sayen hannayen jarin Amurka ta waya daga Kano ko Kaduna su lura cewa buɗewar tana zuwa ne da 2:30 ko 3:30 na rana a agogon Najeriya, gwargwadon lokacin shekara, rahoton riba kuma yakan fito da dare.

A kasuwar NGX ta Legas ba a ganin tsalle irin na Meta a rana guda, saboda ƙa'ida ta hana farashi motsawa fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini. Wannan ba ya kawar da matsalar, rarraba ta yake yi. Idan mummunan labari ya zo, hannun jari yakan bugi iyakar yau, ya sake bugunta gobe, masu son sayarwa su yi layi babu mai saye, kuma odar mutum tana iya kwana biyu ko uku ba a taɓa ta ba.