Yadda Tambayoyi Masu Yawa Ke Komawa Lamba Guda

Idan ma'aikatan binciken lafiya da yawan jama'a suka yi sallama a wani gida, irin binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya a 2018, ba sa tambayar maigida nawa yake samu a wata. Manomi ba shi da albashi, ɗan kasuwa kuma ba kasafai yake bayyana cinikinsa ga baƙo ba. Abin da suke tambaya shi ne ko akwai rediyo, talabijin, firiji ko babur a gidan, ko daɓen ɗaki na ƙasa ne ko na siminti, daga ina ake samun ruwan sha, wane irin banɗaki ake amfani da shi. Amma idan rahoto ya fito, sai a ga an jera gidaje hawa biyar, daga mafi talauci zuwa mafi wadata. Amsoshi masu tarin yawa sun dunƙule sun zama lamba ɗaya ga kowane gida.

Dabarar da ke yin wannan aiki ita ce nazarin manyan ginshiƙai, wadda ake gani a allon kwamfuta da sunan `PCA`. Karl Pearson ne ya fara bayyana ta a 1901, sannan Harold Hotelling ya sake gina ta a 1933. Ɗalibai da yawa suna jin tsoronta saboda kalmomi biyu da ke rakiyarta, aiginbekta da aiginbaliyu. Alhali duk wanda ya iya tarawa da ninkawa zai iya bin sawunta da biro da takarda.

Tunanin da ke ƙarƙashinta kamar na mai ɗaukar hoton ragon layya ne don ya tura wa mai saye. In ya ɗauka ta gaba, kai da ƙaho kawai za a gani, babba da ƙarami duk su yi kama da juna. In ya ɗauka ta gefe, tsawon jiki da cikar baya za su fito. Rago ɗaya ne, amma wani ɓangaren ya fi wani nuna bambanci. Aikin dabarar shi ne gano ɓangaren da, in aka kalli bayanai ta nan, bambancin da ke tsakaninsu zai fi fitowa fili.

Ga misali ƙirƙirarre, ƙarami yadda za a iya lissafa shi da hannu. Ɗalibai biyar sun yi gwajin lissafi da na kimiyya, kowanne bisa maki 10. A lissafi sun ci 3, 4, 5, 6, 7. A kimiyya, bisa wannan jeri, sun ci 4, 3, 5, 7, 6. Matsakaicin maki a kowane darasi 5 ne. Matakin farko shi ne a cire matsakaicin daga kowane maki, domin abin da ake nema shi ne nisan kowa daga tsakiya. Lissafi ya koma −2, −1, 0, 1, 2, kimiyya kuma −1, −2, 0, 2, 1.

Yanzu a auna bazuwar kowane darasi. A ninka kowace lamba da kanta, a tara. A lissafi an sami 4, 1, 0, 1, 4, jimla 10. A kimiyya ma 10. Sai kuma a auna yadda darussan biyu ke tafiya tare: a ninka lambar lissafi ta kowane ɗalibi da tasa ta kimiyya, a tara. An sami 2, 2, 0, 2, 2, jimla 8. Wannan 8 tana da girma idan aka kwatanta da 10, ma'ana wanda ya yi ƙoƙari a ɗaya yawanci ya yi ƙoƙari a ɗayan. Littattafai sukan raba waɗannan jimloli da yawan mutane, amma hakan ba ya sauya alkiblar da za a samu, don haka an bar su yadda suke. Ana jera su a ɗan jadawali mai layi biyu, wanda masana lissafi ke kira matiriks:

```
10   8
 8  10
```

A nan ne masu rauni a aljabra suka fi yin tuntuɓe, saboda suna ganin jadawalin a matsayin tarin lambobi kawai. Jadawalin aiki yake yi. Ana ba shi lambobi biyu, ya mayar da wasu biyu. Ta farko ita ce 10 sau lambar farko a haɗa da 8 sau ta biyu. Ta biyun ita ce 8 sau lambar farko a haɗa da 10 sau ta biyu. Lambobi biyun nan kuwa alkibla suke nunawa: (1, 0) na nufin taku ɗaya gabas, babu ko ɗaya arewa.

A ba shi (1, 0), sai ya dawo da (10, 8). Da gabas sak aka dosa, yanzu an karkata arewa. Jadawalin ya juya alkiblar, kuma haka yake yi wa kusan kowace alkibla. Amma a ba shi (1, 1), sai ya dawo da (18, 18). Bai karkata ta ko kaɗan ba, ya dai miƙa ta sau 18. A ba shi (1, −1), ya dawo da (2, −2). Nan ma bai juya ta ba, ya miƙa ta sau 2 kawai. Irin wannan alkibla da jadawali ba ya iya karkatarwa ita ce aiginbekta, adadin miƙewar da ya yi mata kuma shi ne aiginbaliyu. A littafi ana rubuta wannan da `Av = λv`, kuma ba ya nufin komai fiye da abin da aka gani yanzu.

Mai karatu na iya cewa an san amsar ne tun farko shi ya sa aka gwada (1, 1). To ko da ba a sani ba, jadawalin da kansa zai kai mutum can. A ɗauki (10, 8) ɗin da ya fito ɗazu a sake ba shi, zai fitar da (164, 160), lambobin sun kusa zama daidai da juna. Duk maimaitawa tana ƙara jan alkiblar zuwa ga wadda ta fi miƙewa. Wanda ke da kwamfuta kuma layi biyu sun ishe shi:

```python
import numpy as np
np.linalg.eigh([[10, 8], [8, 10]])
```

Zai ga 2 da 18 sun fito, ƙaramar a gaba, alkiblun kuma da lambar 0.7071 maimakon 1, domin manhajar tana gajarta kowace alkibla tsawonta ya zama ɗaya daidai.

To me waɗannan lambobi ke faɗa game da ɗaliban? Alkiblar (1, 1) na cewa a tara makin lissafi da na kimiyya da nauyi iri ɗaya, wato ƙoƙarin ɗalibi gaba ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙi na farko. Alkiblar (1, −1) na cewa a cire kimiyya daga lissafi, wato wane darasi ɗalibi ya fi karkata gare shi. Wannan shi ne na biyu. Bazuwar da aka fara da ita 10 da 10 ce, jimla 20. Aiginbaliyu biyun, 18 da 2, su ma 20 suka bayar. Ba a ƙara komai ba, ba a rage ba, an sake rabon ne kawai. Ginshiƙi na farko ya kwashe 18 cikin 20, wato kashi 90 cikin ɗari. Malamin da ya ajiye lamba ɗaya ga kowane ɗalibi maimakon biyu ya yi asarar kashi 10 kacal na bambancin da ke tsakaninsu.

Haka ake yi wa gidajen da aka ziyarta, sai dai jadawalin ya fi girma. Deon Filmer da Lant Pritchett ne suka yaɗa wannan hanya a wata muƙala ta 2001, inda suka yi aiki da bayanan gidaje na Indiya. Sun ɗauki alamomi 21 na kayan gida da yanayin muhalli, suka bar ginshiƙi na farko ya ba kowanne nauyinsa. Abin da ke tafiya tare da sauran alamomin wadata, kamar firiji, yakan sami nauyi mai kyau, daɓen ƙasa kuma yakan ja makin gida ƙasa. Abin lura shi ne ginshiƙin nasu ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bazuwar. Bayanan rayuwa ba su cika bayar da kashi 90 ba, kuma mai karanta rahoto yana da haƙƙin ya san nawa aka riƙe, nawa aka zubar.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne daga ma'auni. A ce an ba da makin lissafin ɗaliban nan bisa 100, aka bar kimiyya bisa 10. Ɗaliban ba su canza ba, amma bazuwar lissafi ta zama 1000, tafiyarsu tare ta zama 80, kimiyya tana nan a 10. Babbar aiginbaliyu za ta haura 1006 cikin 1010, fiye da kashi 99 cikin ɗari. Mai gaggawa zai yi murna, alhali ginshiƙin ya zama makin lissafi kusan zalla, nauyin kimiyya a cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na lissafi ba. Alamar wannan cuta a bayyane take: kaso mai girman gaske, tare da abu ɗaya da ya mamaye nauyin. Maganinta shi ne a daidaita ma'aunan tun farko, yadda kowane abu zai shiga da bazuwa iri ɗaya. A manhajar R, `prcomp` ba ta yin haka sai an rubuta mata `scale. = TRUE`.

Matsala ta biyu ta fi wuyar gani. Dabarar ba ta san tambayar mai bincike ba, bazuwa kawai take bi. Ɗalibi na farko mai 3 da 4 da na biyu mai 4 da 3 sun zama abu ɗaya a ginshiƙi na farko. Idan ana neman wanda za a tura gasar kimiyya tsakaninsu, amsar tana cikin kashi 10 ɗin da aka watsar. Ma'aunin wadatar gidaje ma ya gamu da irin wannan. Wutar lantarki da ruwan famfo sun fi yawa a birni, don haka ginshiƙin yakan karkata ga raba birni da ƙauye, har makiyayi mai garke ya iya faɗawa sahun ƙasa. Wannan ya sa masu binciken suka koma lissafa birni daban, karkara daban, tare da saka filaye da dabbobi, kafin su haɗa sakamakon.

Sunan "wadata" da ake ba ginshiƙin ma mutum ne ya raɗa shi bayan ya duba nauyin da kowane abu ya samu, ba lissafi ba. Manhaja na iya fitar da alamun a juye, (−1, −1) a madadin (1, 1), kuma duka daidai ne, amma wanda bai duba ba zai ɗora mawadata a ƙasan jeri. Duk ɗalibi ko ɗan jaridar da aka miƙa wa irin wannan sakamako, ya nemi a nuna masa jerin nauyin abubuwan da kason da ginshiƙi na farko ya ɗauka kafin ya yarda da sunan da aka ba shi.